Kwanciyar Mai Tsohon Ciki: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da zarar ciki ya shiga wata na bakwai, barci yakan zama aiki. Mace ta wuni tana girki da wanki da hidimar yara, jiki ya yi lis, amma idan ta kai haƙarƙarinta shimfiɗa sai ta rasa yadda za ta ajiye cikin. Rub da ciki ba ya yiwuwa. Rigingine numfashi ya yi sama. Ta kwanta a gefe ƙugu ya ɗauki ciwo. Ga kuma maganganu ko ta ina: a wajen awo an ce mata hagu, tun tana yarinya kuma ta tashi da sanin cewa kwanciyar dama ita ce sunna, wata dattijuwa a gida ta ja mata kunne kada ta kuskura ta juya a kwance sai ta tashi zaune, don kada cibiya ta naɗe wuyan ɗa. Daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, mata da yawa suna kwana da wannan ruɗani, wasu har barcin ya gagare su saboda tsoron kada su yi kuskure.

Maganar kuwa gajeriya ce. Daga mako na 28 na ciki har zuwa haihuwa, duk lokacin da za ki yi barci, da dare ne ko ƙailula, ki fara shi a kan gefenki. Hagu ya yi, dama ma ta yi. Wadda ake so ki bari ita ce kwanciyar rigingine. Idan kuma kin farka kin tarar kin koma rigingine, ki juya gefe ki ci gaba da barcinki, ba abin tashin hankali ba ne.

Mata da yawa da wata suke lissafi ba da mako ba, don haka ya kamata a fayyace. Ana fara ƙirgen ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, kuma mako 28 kwana 196 ke nan, wato wata shida da rabi da 'yan kwanaki. Wadda al'adarta ta ƙarshe ta fara a ranar 1 ga Muharram, za ta cika mako 28 wajen 20 ga Rajab. Wadda ba ta riƙe rana ba, ta tambayi malamar awo, domin ana rubuta makonnin a kati. Wadda kuma ta ga lissafin zai wahalar da ita, ta fara sabawa da kwanciyar gefe tun ciki yana wata biyar. Babu abin da za ta yi asara, kuma kafin lokacin ya zo jikinta ya riga ya saba.

Abin da rigingine ke yi wa jini

A can bayan mahaifa, jingine da ƙashin gadon baya, akwai manyan hanyoyin jini guda biyu. Ɗaya tana sauko da jini daga zuciya zuwa mahaifa da ƙafafu, kuma bangonta yana da ƙwari. Ɗayar ita ce mai mayar da jini daga ƙafafu da mara zuwa zuciya. Wannan ta biyun mai laushi ce, ba ta da wuyar lotsewa, kuma tana ɗan karkata zuwa dama da ƙashin bayan. A ƙarshen ciki, idan aka haɗa nauyin ɗa da ruwan da yake ciki da mabiyiya da ita kanta mahaifar, za a sami kilo 5 ko fiye. Idan mace ta kwanta rigingine, wannan nauyin gaba ɗaya yana sauka ne a kan jijiyar mai laushi.

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa da inji a bakin Tiga ko a fadama ya san abin da ke faruwa idan aka taka tiyo: injin yana nan yana ƙara, amma ruwan da ke isa kwami ya ragu. Haka abin yake a nan. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, don haka wanda zuciya ke turowa ma ya ragu, kuma cikin masu jiran wannan jini har da mabiyiya, inda ɗa ke samun iska da abinci. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ya kai rabin lita ko sama da haka. Ɗa ba ya numfashi da huhunsa tukuna, da wannan jinin yake rayuwa.

Allah ya yi wa jiki wasu ƙananan jijiyoyi a gefen ƙashin baya da jini ke zagayawa ta cikinsu idan babbar ta matse, shi ya sa yawancin mata ba sa jin komai. Amma zagayen ba ya cike gurbin duka. Kimanin mace 1 cikin 10 takan ji abin a jikinta: 'yan mintoci da kwanciya rigingine sai jiri, da gumi mai sanyi, da tashin zuciya, da bugun ƙirji, wata har ta ga duhu-duhu. Tana juyawa gefe abin yake wucewa. Sauran taran ba su da wannan gargaɗin, saboda haka rashin jin jiri ba shaida ba ne cewa jini yana tafiya yadda ya kamata. Ɗa mai ƙoshin lafiya yakan jure wannan ragin, ya yi lamo ya rage motsi har uwar ta gyara. Wanda ake jiye wa shi ne ɗan da dama a wahale yake, kamar wanda bai girma yadda ya kamata ba saboda hawan jinin uwa, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin jini. Waɗannan ukun kuwa ba baƙi ba ne a yankinmu.

Likitoci sun daɗe da sanin matsewar wannan jijiya, shi ya sa ake karkata mai ciki zuwa hagu a kan gadon tiyata. Alaƙarta da barcin dare ce ba a duba ba sai a 2011, lokacin da masu bincike a birnin Okland na ƙasar New Zealand suka tambayi matan da 'ya'yansu suka zo babu rai a ƙarshen ciki yadda suke kwanciya, suka gwada amsarsu da ta sauran mata. A 2013 aka buga wani binciken daga asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Akara a Gana, kan mata 220, aka ga masu kwana rigingine sun fi haihuwar 'ya'ya marasa nauyi da kuma waɗanda suka zo babu rai. A 2017 wani babban bincike a Ingila, ƙarƙashin Farfesa Alexander Heazell na Manchester, kan mata fiye da 1,000, ya sami abu iri ɗaya. Sai a 2019 aka tattara bayanan mata fiye da 3,000 daga bincike daban-daban aka sake auna su tare. Sakamakon shi ne, fara barci a rigingine bayan mako 28 ya ninka haɗarin rasa ɗa a ciki fiye da sau biyu da rabi. A wannan tattarawar ne kuma aka ga babu wani bambanci tsakanin hagu da dama.

Wannan na ƙarshen shi nake so ya isa kunnen kowace mace. Binciken farko ya fi karkata ga hagu, daga nan maganar ta bazu, har ta zama kamar dama haramun ce ga mai ciki. Ba haka ba ne. Wadda ta saba kwanciya a damanta tana addu'ar barci, ta ci gaba da abinta da kwanciyar hankali. Idan ɓarin ya gaji ta koma hagu. Dagewa a kan gefe ɗaya dare guda cur ba abin da yake jawowa sai ciwon ƙugu da kafaɗa da rashin barci.

Akwai iyakar da ya kamata a faɗa. Waɗannan binciken sun dogara ne da abin da mata suka tuna, kuma sun nuna alaƙa ce tsakanin abubuwa biyu. Masu binciken na 2019 sun ƙiyasta cewa da kowace mace za ta bar rigingine, za a rage rasa 'ya'ya a ƙarshen ciki da kimanin 6 cikin 100. Sauran suna da wasu dalilan, kuma a ƙasarmu manyan su ne hawan jini da jijjiga, da zubar jini, da zazzaɓin cizon sauro, da doguwar naƙuda a gida. Don haka kwanciyar gefe ba ta maye gurbin awo. Kuma, don Allah, duk wadda ta taɓa rasa ɗa kada ta karanta wannan ta ɗora wa kanta laifi, kada kuma wani ya ɗora mata. Ana yaɗa shawarar ne saboda ba ta cin ko sisi, kuma tana hannun kowace mace, ta birni da ta ƙauye.

To, batun juyi cikin barci fa? Babu mai iya tsare kansa yana barci, kuma kowa yana juyawa sau da yawa kafin asuba. Abin da aka auna shi ne yadda mace ta fara barcin, domin a nan ta fi daɗewa, a nan ne kuma barci ya fi nauyi. Shi ya sa ba a ce ki kwana kina gadin kanki ba, ba a kuma ce maigida ya riƙa tashinki kowace sa'a ba. Amma duk lokacin da kika farka, ko don fitsari ko don kukan yaro, komawarki sabon fara barci ne, sai ki koma a gefe. Maganar cibiya kuwa, juyin uwa ba shi ke naɗe ta ba. Ɗa yana iyo ne a cikin ruwa, motsinsa na kansa da tsawon cibiyar su ke sa ta zagaye wuyansa, kuma jarirai da yawa ana haifar su a haka lafiya lau. Kina iya juyawa a kwance, ba sai kin tashi zaune ba.

Yadda za a gyara shimfiɗa

A ɗauki misalin wata mace a wani ƙauye kusa da Kwanar Ɗangora. Cikinta na huɗu ne, yana mako 32. Katifarta a ƙasa take, ta tsufa ta yi rami a tsakiya, filo ɗaya gare ta, kuma yaron da ta yaye yana kwana a jikinta. Kukanta uku ne: ƙugu yana ciwo idan ta kwanta a gefe, ƙwarnafi yana tashinta tsakar dare, kuma kullum a rigingine take farkawa. Ba ta da kuɗin dogon filon nan na masu ciki da ake sayarwa a birni, kuma ba ta buƙatarsa. Abin da take buƙata yana cikin ɗakinta: zannuwa uku ko huɗu, da tsohon bargo.

Farko a duba ramin katifar, domin shi ne yake mirgino ta zuwa rigingine. A juya katifar, ko a ninke bargo a cike ramin ta ƙasa. Idan katifar ta yi siriri har ƙashin ƙugu yana jin siminti, a ƙara bargo ko tabarma biyu a ƙarƙashi. Sai ta kwanta a gefe ta ɗan lanƙwashe gwiwoyinta. Filon nan ɗaya na kai ne, kuma ya cike tazarar da ke tsakanin kunne da kafaɗa, yadda wuya zai miƙe, kada kai ya rataye ƙasa ko ya ɗage sama.

Zani na farko a ninke shi ya yi kauri kamar faɗin tafin hannu, a sa tsakanin ƙafafu, tun daga gwiwa har idon sawu. Wannan shi ne maganin ciwon ƙugun. Dalili kuwa, a lokacin ciki jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu suna saki don shirin haihuwa. Idan ƙafar sama ta zame ta faɗo gaba, sai ta murɗa ƙugu da kwankwaso, kuma haka za su kwana a murɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa ɗan abu tsakanin gwiwoyi kawai a bar sawu yana lilo. Gwiwar sama da sawun sama su kasance a tsayi ɗaya da ƙugu.

Zani na biyu a ninke shi siriri a cusa ƙarƙashin cikin, ya tallafe shi. Masu haihuwa da yawa su suka fi jin amfanin wannan, saboda fatar cikinsu ta saki, ciki yana zubewa gefe yana jan jijiyoyin mara. Na uku a naɗe shi ya yi ƙwari, ko a naɗe bargo, a tokare bayanta da shi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ko ta mirgina baya, a kansa za ta tsaya a karkace, kuma wannan 'yar karkatar tana rage nauyin da ke kan jijiyar. Wata takan matsa da katifar jikin bango ta ba bango baya, shi ma ya yi. Yaron kuma a yi masa shimfiɗarsa a gefe ko ya koma wajen yayarsa ko kakarsa. Gara a yi wannan rabuwar yanzu da sauran wata biyu, da a yi ta ranar da jariri ya zo.

Tashi ma yana da hanya, musamman daga ƙasa. Kada ta yunƙura kai tsaye daga kwance kamar yadda ta saba, domin wannan yana jan naman ciki da na baya. Ta haɗe gwiwoyinta, ta kasance a gefe, ta dafa ƙasa da gwiwar hannu da tafin ɗaya hannun ta tashi zaune. Ta ɗan jira jiri ya wuce, sannan ta durƙusa, ta dafa bango ko kujera ta miƙe. Mai gado kuma ta sauko da ƙafafunta biyu tare a lokacin da take ture jikinta sama. Wajen juyi ma gwiwoyi su tafi a haɗe, ko da zanin a tsakaninsu.

Saura ƙwarnafi. Ciki yana sa bakin tumbi ya saki, ga mahaifa tana turo shi sama, sai ruwan tsami ya hauro maƙogwaro. Matar nan takan ci tuwo mai yawa da miya mai yaji da mai bayan isha'i, ta kwanta nan take. Abin da za ta canza shi ne ta ci abincin dare da magariba, ta bar sa'a biyu zuwa uku kafin kwanciya, kuma ta rarraba abincinta kaɗan-kaɗan cikin yini. A ɗaga wajen kai na shimfiɗar kamar santimita 10 zuwa 15, da bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado, ko da ninkakken bargo a ƙarƙashin katifa, yadda ƙirji gaba ɗaya zai ɗago. Tara filo a ƙarƙashin kai kaɗai ba ya yi, wuya kawai yake lanƙwasawa. A nan hagu ta fi dama, saboda yadda tumbi yake zaune, kwanciyar hagu tana rage haurowar ruwan tsamin. Daren da abin ya ƙi, ta kishingiɗa sosai, kusan a zaune, tana ɗan karkace gefe.

Abin da ba za ta yi ba shi ne jiƙa kanwa ta sha. Na san tana kwantar da ƙwarnafi nan take, shi ya sa ake yi. Amma kanwa tana ɗauke da gishiri mai yawa, wanda ke tara ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciya da jini nauyi a lokacin da dama suna ɗauke da kaya. A asibiti akwai ruwan magani da ƙwayoyin taunawa na ƙwarnafi da suka dace da mai ciki, ta tambaya ranar awo.

Sauran masu hana barci

Fitsarin dare yana da dalili biyu. Kan ɗa yana danne mafitsara, sannan ruwan da ya taru a ƙafafu da rana yana komawa cikin jini idan aka kwanta, ƙoda ta tace shi. Saboda haka kwanciyar gefe ta rabin sa'a ko sa'a ɗaya bayan azahar, da ƙafafu a ɗan ɗage, tana rage kumburi kuma tana rage tashin dare. A sha ruwa sosai da safe da rana, a rage bayan magariba, amma kada a hana kai ruwa, balle a zafin Maris zuwa Mayu. A ajiye fo da tocila kusa da shimfiɗa. Fita banɗaki a duhu da damina, ƙasa na santsi, ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai tsohon ciki. Idan fitsarin yana zafi ko yana tafe da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, wannan ciwon sanyi ne na mafitsara, yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, sai an je an gwada.

Ɗaurewar sha-raɓa takan zo ne da tsakar dare, ta tashi mace da ihu. Idan ta zo, ki miƙe ƙafar ki janyo yatsun sama wajen ƙauri, kada ki tura su ƙasa, sannan a murza wurin. Yin wannan miƙewar sau da yawa kafin kwanciya yana taimaka wa wasu. Wata kuma ba ɗaurewa ba ce, wani irin tsiko-tsiko ne a cikin ƙafafu da ba ya barinta sai ta yi ta motsa su. Wannan sau da yawa yana tafiya da ƙarancin jini, don haka a gwada jininta, ta kuma riƙe ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo. Kada a haɗiye ta da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotse ta. Shi kansa shayin, da goro, da kofi, da lemon kwalba baƙi, a bar su daga la'asar, suna kore barci kuma suna ƙara fitsari.

Yankinmu yankin ruwa ne. Ga madatsar Tiga, ga tafkin Bagauda, ga gonakin shinkafa, ga Doguwa da dajin Falgore inda damina ta fi ko'ina ƙarfi a jihar Kano. Sauro ba ya yankewa. Mace takan cire gidan sauro saboda zafi, ko don yana hana ta fita fitsari da sauri, kuma wannan ciniki ne na asara, domin zazzaɓin cizon sauro yana ɓuya a mabiyiya ya cinye jinin uwa ya tauye ɗa, ko da ba ta ji zazzaɓi ba. Idan ɗaki ya yi zafi a fita tsakar gida, amma a fita da gidan sauron, a ɗaura shi da tsayi don iska ta zaga. A watsa ruwa kafin kwanciya, a sa tufa mai sauƙi ta auduga. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba masu ciki a awo, wanda aka fi sani da fansida, ana shan sa wata-wata daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Da hunturu kuma, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa marar wari yana kisa, kuma ɗan ciki ya fi uwar saurin cutuwa da shi.

Maganin barci da na ciwon jiki na kemis a yi nesa da su. Ire-iren ibufurofen da diklofenak da feldin, waɗanda ake haɗawa a ba mai ciwon baya, suna iya cutar da ƙodar ɗa da hanyoyin jininsa a watannin ƙarshe. Farasitamol shi ne wanda aka yarda da shi, shi ma bisa ƙa'ida.

Abin da filo ba ya magani

Ba kowane rashin barci ne na shimfiɗa ba. Ɗan haki a ƙarshen ciki abu ne da aka saba, amma idan mace ba ta iya kwanciya sam sai a zaune, ko tana farkawa a firgice tana neman iska, da tarin dare da kumburin ƙafa mai hawa sama, zuciya ce ake zargi. Ciwon zuciya na ƙarshen ciki da na jego ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma har yanzu ana ganinsa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala. Haka nan ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, da ganin walƙiya ko dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, alamun hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga ne. Wannan ciwon na ƙarƙashin haƙarƙari wasu sukan ɗauke shi ƙwarnafi, su yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure. Sabon minshari mai ƙarfi, wanda numfashi ke tsayawa a cikinsa, shi ma a faɗa wa malamar awo ta auna jini. Ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa da ke tsananta da dare ba tare da ƙuraje ba, yana iya zama daga hanta. Zubar jini ko fashewar faya kuwa ba sa jiran gari ya waye.

Sai motsin ɗa. Lokacin kwanciya ne uwa ta fi jin sa, don haka ita ta fi kowa sanin al'adarsa. Ba gaskiya ba ne cewa ɗa yana rage motsi idan haihuwa ta matso. Salon motsin yana canzawa saboda wuri ya yi masa kaɗan, amma ba ya raguwa. Barcinsa a ciki yawanci minti 20 zuwa 40 ne, da wuya ya wuce minti 90. Idan kin ji ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, ki kwanta a hagu ki natsu ki saurara. Idan har yanzu motsin bai dawo yadda kika san shi ba, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, ba a bari sai ranar awo ba.

A lokacin gaggawa ne hagu take da fifiko na gaske. Tun da jijiyar tana ɓarin dama, idan mai tsohon ciki ta suma, ko ta yi jijjiga, ko tana zubar jini, a kwantar da ita a hagunta. Haka za a ɗauke ta a mota, a kujerar baya, da zani a tokare bayanta. Daga ƙauyukan Doguwa zuwa babban asibitin garin ko na Tudun Wada akwai tafiya, idan kuma aka tura Kano tafiyar ta sa'o'i ce, kuma bai kamata ta yi ta a rigingine ba. Ko a gadon awo, idan an daɗe ana duba ki kin fara jin jiri, ki faɗa a karkata ki. Lokacin naƙuda ma, zagayawa da durƙuso da kwanciyar gefe sun fi shimfiɗewa rigingine.

Maigida da uwar miji da abokiyar zama, sauran aikin naku ne. Mai tsohon ciki ba ta samun barci mai tsawo da dare komai gyaran shimfiɗa, da rana take rama shi, kuma ba za ta rama ba idan daka da ɗiban ruwa da abincin 'yan gona duk suna kanta, balle da kaka. A ɗauke mata aikin bayan azahar ta sami sa'a ɗaya ta kwanta a gefenta. A sayo mata filo biyu ranar kasuwa idan da hali, a ɗaura mata gidan sauro, a kuma san tun yanzu motar wa za a kira idan dare ya yi motsin ɗa ya ragu.